Gas, hotfilet ko kurfoti: wanne ne bai cin kuɗi kuma bai cin gida a Legas?

Maman Hanifa (Agege):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mu shida ne a gida, ni da maigida da yara huɗu, ɗaki da falo muke zaune, kicin ɗin ɗan ƙarami ne a jikin baranda. Tukunyar gas ta kilo 12.5 nake amfani da ita, takan kai mu mako biyar in na lallaɓa. Wannan karon naira 1,300 aka sayar mana kilo, sai da na ba da 16,250. Maigida ya ce tunda yanzu wutarmu ta zauna, kusan kullum akwai, gara ya sayo hotfilet, murhun lantarki mai kai biyu, mu huta da gas. Ni kuma uwar mijina gawayi take ta yi mini tallarsa. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa mini gaskiya.

Aminu Obalende:
Wa alaikumus salam. Anti ki bar maigida ya sayo kawai. Ni hotfilet nake girki da shi tun ina gwauro, ban taɓa ware masa kuɗi ba. Ka jona, ka dafa, ka zare.

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
Aminu, mita gare ka ko takardar ƙiyasi ake kawo muku?

Aminu Obalende:
Mita ɗaya ce a gidan, mu tara muke haɗawa duk wata.

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
To ka ji dalilin da ya sa ba ka san kuɗinsa ba. Mutum takwas ne ke biya maka girkinka.

Maman Hanifa, kalmar da kika faɗa ta "wutarmu ta zauna" ita ta tsaya mini a rai. A Legas in wuta ta zauna haka, galibi layinku na Band A ne, waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga musu farashi zuwa naira 225 kowane yunit, suka rabu da sauran jama'a. An ɗan sauko da shi daga baya, ya zo ya tsaya a 209.5, amma in kika ɗora harajin VAT na kashi 7.5 sai ya koma wajen 225 ɗin. Duba rasit ɗin kati na ƙarshe da kuka saya, ki faɗa mini nawa kuka biya, yunit nawa aka ba ku.

Maman Hanifa (Agege):
Na duba saƙon a wayar maigida. Na dubu biyar ya saya, aka ba shi 22.2.

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
Band A ne, babu ko tantama. Yanzu bari mu yi lissafin a hankali.

Abin da ya kamata a auna shi ne zafin da ke shiga tukunya, ba kuɗin da aka miƙa a shago ba. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafi kwatankwacin yunit goma sha uku na lantarki, saura kaɗan. Sai dai wajen rabinsa ne ke shiga abinci, sauran yana bin gefen tukunya ya tafi iska, shi ya sa kicin ke yin zafi. Ki ce yunit shida da ɗan wani abu kenan suke yi miki aiki. Hotfilet ya fi gas rashin ɓarna, domin tukunya a kansa take zaune, cikin yunit goma wajen bakwai na shiga girki. In aka haɗa biyun, aikin da kilo ɗaya na gas zai yi miki, sai hotfilet ya sha yunit tara kafin ya yi shi.

Yunit tara a farashinku naira 2,025 ne. Ke kuma 1,300 kika sayi kilo. Tukunyarki gaba ɗaya, in a lantarki ne, yunit ɗari da goma da 'yan kai ce, wato sama da dubu ashirin da biyar a madadin dubu goma sha shida. Ga kuma kuɗin sayen hotfilet ɗin. Gas ba zai fi lantarki tsada a gidanku ba sai ranar da kilo ya haura dubu biyu.

Anti Rabi (Ketu):
Ikon Allah. Amma Malam ni na gwada, kuma na ga sauƙi ƙarara. Kati na dubu biyar yunit saba'in da wani abu yake ba ni. Da hotfilet nake dafa wake da ganda, ban ga ya cinye mini kati ba.

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
Gaskiyarki Anti Rabi, kuma maganarki ba ta karya tawa ba. Ke yunit ɗinki bai kai naira saba'in ba. Yunit tara ɗin nan a wajenki ɗari shida da 'yan kai ne, rabin kuɗin kilo na gas. A layinku hotfilet ya fi gas arha nesa ba kusa ba. Abin tambaya kawai, wutar na nan lokacin da kike son ɗora tukunya?

Anti Rabi (Ketu):
Nan fa ɗaya. Da dare suka fi kawowa. Ni dai na saba, in an kawo ƙarfe goma sai in ɗora waken gobe. Shayin safe da abincin 'yan makaranta kuwa gas ne, ba na wasa da wannan.

Hajiya Larai mai abinci (Mile 12):
Ku 'yan boko kun iya lissafi, amma ni da nake dafa wa mutum sama da ɗari a rana ba na sake da gawayi. Buhu nake saye daga masu kawowa daga wajen Saki da Iseyin, na ƙarshe dubu goma sha biyu. Ki ɗora wake a kurfoti, ki rufe, ki tafi harkarki, shi zai ci kansa a hankali har ya nuna luguf. Tuwo ma a gawayi ya fi nuna. Uwar mijinki ta san abin da take faɗa, 'yata.

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
Hajiya ina gaisuwa. Kin taɓa ɗora buhun a sikeli?

Hajiya Larai mai abinci (Mile 12):
A kasuwa nake, sikeli ai ba ya mini wuya. Yakan yi kilo talatin, wani ya ɗan gaza. Amma ƙasan buhu gari ne, wannan ba a ƙirga shi.

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
Madalla. Kilonki naira ɗari huɗu kenan. Gawayi mai kyau yana da zafin yunit takwas a kilo, amma kurfoti na ƙarfe irin wanda maƙera ke yi mai ɓarna ne, da ƙyar kashi ɗaya cikin huɗu ke isa tukunya. Saboda haka kilo uku na gawayi, ko ɗan fiye, su ne kilo ɗaya na gas. A farashin buhunki 1,200 zuwa 1,300. Kin ga kun yi kunnen doki da gas ɗin Maman Hanifa.

Inda kika ci riba, Hajiya, wutarki ba ta mutuwa a banza. Ki sauke shinkafa ki ɗora miya, ki sauke miya ki ɗora ruwa, daga asuba har la'asar. Mai gida mai mutum shida za ta hura wuta don taliyar minti goma sha biyar, ta sauke, garwashin ya ci gaba da ci babu komai a kai. Wannan asarar ba ta cikin lissafina, ƙari ce a kansa.

Maman Hanifa (Agege):
Ni ai ba ma ni da wurin ajiye buhu. Na leda ake sayarwa a layinmu, ɗari biyar.

Bashir mai gas (Oko-Oba):
Na ledar nan shi ne mai cin kuɗi a ɓoye. Akwai wata mai awara kusa da shagona, ran nan muna musu na ce ta kawo ledar mu ɗora a sikelina. Ko kilo ɗaya bai cika ba. In aka bi lissafin Malam, leda huɗu ne kilon gas, dubu biyu kenan. Ba don ina sayar da gas nake faɗa ba, duk mai sikeli ya gwada. Abin da ya sa mutane ke ganin ya fi sauƙi, ɗari biyar ake fitarwa yau, ba dubu goma sha shida a lokaci ɗaya ba.

Hajiya Larai mai abinci (Mile 12):
Wanda ɗari biyar ce a hannunsa ai ita zai fitar, Bashir. Kai za ka ba shi bashi?

Bashir mai gas (Oko-Oba):
Hajiya ko na ɗari biyar ne ina zuba wa mutum in ya zo da tukunyarsa. Tukunyar ce dai matsalar, sayenta na farko da kan da ake ɗaura mata da tiyo.

Baba Ɗanjuma (Alaba Rago):
Ku yi ta lissafin kuɗi. Ni gas ba zai kwana a gidana ba. Kun manta abin da ya faru a Baruwa ta Ipaja a 2020? Gidaje da shaguna suka ƙone, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Bashir mai gas (Oko-Oba):
Amin Baba. Ba wanda ya manta. Sai dai wancan a tashar sayar da gas ne ya faru, inda tankar mota ke sauke kaya a tsakiyar unguwa. Na cikin gida hanyarsa daban ce, kuma yawancinta ana iya tare ta.

Mutane suna zaton tukunyar ce ke fashewa haka kawai. Abin da aka fi samu shi ne yoyo. Gas ya fi iska nauyi, in ya fita ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya, ya taru a ƙarƙashin kanta da lungun kicin. In ƙofa da taga a rufe suke ya kwana yana taruwa, da safe a ƙyasta ashana ko a danna makunnin fitila, ɗakin ne gaba ɗaya zai kama. Warin nan da kuke ji da gangan aka zuba shi a ciki don hanci ya kama yoyo, gas ɗin kansa ba shi da wari.

Wurare uku yake yoyo. Na ɗaya 'yar robar da ke cikin bakin tukunya, wadda kan ke zama a kanta. In ta tsufa ko ta faɗi wajen cikawa, za ki ji "sss" da kin ɗaura kan. Na biyu tiyo, musamman bakinsa biyu in ba a ɗaure da ƙarfen matsewa ba, ko ya tsattsage, ko ɓera ya ci. Na uku makunnin murhun da yaro ya murɗa. Gwajin ba ya cin ko kwabo: ki kaɗa ruwan omo ya yi kumfa, ki buɗe gas daga tukunya murhu na kashe, ki shafa a bakin tukunya da duk tsawon tiyon. Inda kika ga kumfa na hurowa yana girma, nan ne. Kada wanda ya gwada da ashana, na ga masu yi.

In kuwa kin shigo kin ji wari, ki rufe daga kan tukunya, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara. Kada ki kunna fitila ko fanka, in ma a kunne suke kada ki kashe, domin makunnin kansa yana tartsatsi a ciki.

Ummi (Ajah):
Yaya Bashir, an turo mana wani saƙo cewa kowace tukunya tana da ranar lalacewa, a duba jikin hannunta za a ga harafi A, B, C ko D da lamba. Na duba tawa ban ga komai ba. Jabu ce kenan?

Bashir mai gas (Oko-Oba):
Ba jabu ba ce don wannan. Saƙon nan tsarin Indiya yake bayani, ya daɗe yana yawo. Amma rabin maganar gaskiya ce, tukunya tana tsufa. A nan ƙa'idar hukumar kula da ingancin kaya ta SON shekara 15 ce, kuma shekarar da aka ƙera ta ake bugawa a jikin hannun ko a gindinta. Ki goge wurin da tsumma za ki gani. A Legas ma ni tsatsa na fi tsoro a kan shekaru. Iskar nan mai gishiri ce, ga kicin kullum a jiƙe. Ki kwantar da tukunyar lokacin da babu gas a ciki ki leƙa ƙarƙashinta. In gindin ya fara ɓarewa kamar ɓawon burodi, ta gama aiki ko shekararta biyar.

A wurin kuma za ki ga an buga nauyinta babu komai a ciki, wasu `TW` suke rubutawa, wasu `Tare`. Ki haɗa wannan lambar da 12.5, abin da sikeli ya kamata ya nuna kenan bayan an cika. In ya gaza an cuce ki. In ya zarce kuma kada ki yi murna, domin da gangan ake barin sarari a sama, ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi.

Aminu Obalende:
Ni abin da na sani, waya ce ke tayar da gas. Kada a amsa kira a kicin, shi kenan.

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
Aminu, in babu yoyo ko kiran duniya ka amsa ba abin da zai faru. In akwai yoyo kuma, murhun da ke ci a gabanka ya riga wayar. Ka bar waya, mu dawo kan hotfilet ɗinka, don shi ne nake yawan zuwa gyaran ɓarnarsa. A ina kake jona shi?

Aminu Obalende:
A doguwar jona mai baki huɗu, wadda talabijin da caja suke kai.

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
Yau in ka yi rabin awa kana girki, ka taɓa kan filogin da wayar jonar. In da ɗumi sosai, ko ka ga bakin soket ɗin ya yi ruwan ƙasa, ko kana jin ƙaurin roba, to wayar tana dahuwa a hankali.

Mai kai ɗaya na wat 1,500 yana jan amfiya shida da rabi. Mai kai biyu irin wanda maigidan Maman Hanifa ke so, in an kunna duka, yakan kai wat 2,500, amfiya goma sha ɗaya kenan, soket ɗin bango kuwa sha uku ne iyakarsa. Jonar kasuwa mai arha an rubuta mata sha uku a kwali, amma ka yanke wayar ka gani, silin tagulla ne 'yan ƙalilan. Hotfilet soket ɗin bango yake so, shi kaɗai, wanda aka ja masa waya mai kaurin 2.5, ba a ɗauko daga layin fitila ba. Tsofaffin gidajen haya na Agege da Mushin da nake shiga, da yawa an ja wayarsu ne tun ana kunna ƙwan fitila da rediyo kawai. Kuma wayar ta cikin silin ce ke zafi, inda ba mai gani.

Babbar musibarsa kuma ita ce ɗauke wuta. Ana cikin girki a ɗauke, uwar gida ta sauke tukunya ta koma kan gas, ta manta ba ta kashe ba tunda ya yi sanyi. Wani ya ajiye roba ko tsumma a kai. Ƙarfe biyun dare a dawo da wuta. Na je wani gida a bara, kwandon roba na kwanuka aka ɗora a kai, ya narke ya kama labule. Allah ya sa maƙwabci ya ga hayaƙi. In an ɗauke wuta, zare filogin ake yi daga bango, ba murɗa makunni kawai ba.

Anti Rabi (Ketu):
Wannan ya taɓa ni, tunda ni da dare nake dafawa. Amma Malam me ya sa wani lokaci awa guda ruwa bai tafasa ba? Na ɗauka nawa ne ya tsufa.

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
Wutar ce ba ta da ƙarfi. Ya kamata ta zo 230, in ta faɗo 180 zafin hotfilet ba kaɗan yake raguwa ba, wajen kashi sittin cikin ɗari ne ke saura. Ki lura da fanka, in tana juyawa a kasalance to ba lokacin ɗora wake ba ne. Sannan ki duba gindin tukunyarki. In ya lotsa ko ya yi tulluwa, gefe kaɗan ne ke taɓa farantin, mita na gudu abinci na zaune. Tukwanenmu na dalma masu zagayayyen gindi ba na hotfilet ba ne sam.

Kuma don Allah in kin ɗora da dare kada ki kwanta.

Baba Ɗanjuma (Alaba Rago):
To kun gani. Gas yoyo, lantarki gobara. Gawayi dai ba ya fashewa, ba ya jan mutum. In ruwa ya sauko ka ja kurfotinka cikin ɗaki ka ƙarasa girkinka lafiya.

Sista Hadiza (Idi-Araba):
Baba, da girmanka, wannan jan kurfotin cikin ɗaki shi ne abin da na fi tsoro a duk zancen nan. Ina karantawa ban yi niyyar magana ba sai da na ga wannan. A asibiti nake aiki.

Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksayid, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Kuma lokacin da hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi jajir, kowa ya ce wuta ta yi kyau, tana nan tana fita. Tana shiga jini ta kama wurin da iskar numfashi ke zama. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mutum ya ce zazzaɓi ne ke son kama shi, bari ya ɗan kwanta, a ɗakin da gubar take. Mai barci kuwa ba ta tashe shi.

Yadda ake gane ta: mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya su kama ciwon kai lokaci guda, in sun fita waje su ji sauƙi. In aka ga haka a fitar da kowa iska, a buɗe ko'ina, wanda ya galabaita ko ya suma a kai shi asibiti nan take a faɗa musu gawayi ne, iskar oksijin yake buƙata. Madara ko manja da ake ɗura wa mutum ba sa komai, wanda ba ya cikin hayyacinsa ma shaƙe shi za su yi. A Legas ana kiran 112 ko 767.

Masu jego sun fi shiga wannan. A kai garwashi ɗaki don a gasa jiki ko a ɗumama jariri, a rufe taga saboda sanyin damina.

Baba Ɗanjuma (Alaba Rago):
'Yata, iyayenmu da kasko suke kwana a ɗaki lokacin hunturu, ga mu mun tsufa.

Sista Hadiza (Idi-Araba):
Haka ne Baba, amma ɗakin kara da jinka iska na ratsa shi ta ko'ina. Na siminti mai silin da tagar gilas ba ya numfashi. Kuma ko a can ɗin ana samun waɗanda ba su farka ba, sai a ce kwana ne ya ƙare.

Hajiya Larai mai abinci (Mile 12):
Wannan kam gaskiyar Sista ce, ni ma a fili nake hura tawa. Abin da zan ƙara, yara. Kurfoti a ƙasa yake, daidai tsayin mai rarrafe, kuma toka takan rufe garwashi a ɗauka ya mutu. In kin gama ki juye a tsohuwar tukunya mai murfi ki rufe, zai mutu da kansa, gobe ki sake hura shi. In kika zuba ruwa kin ɓata shi, kurfotin ma tsatsa zai yi ya ɓule. Kuma ku daina hura wuta da leda, ƙaurinta har cikin abinci.

Ummi (Ajah):
Ni 'yar ƙaramar nan ta kilo 6 nake da ita, mai murhu a kanta. Ita ai ba tiyo, ba ta da matsala ko?

Bashir mai gas (Oko-Oba):
Ta huta da tiyo, amma wutar a kan bakin tukunyar take zaune. In kika ɗora faffaɗar tukunya, zafin yana dawowa ƙasa ya dafa robar da ke bakin. Ga tsayi, tuƙin tuwo a kanta sai a yi ɓari. Ta shayi ce da taliya da miyar mutum biyu. Kuma duk lokacin da kika ɗaura murhun bayan cikawa, ki tabbata ya hau zaren daidai, ki gwada da kumfa.

Maman Hanifa (Agege):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na nuna wa maigida lissafin yunit tara, ya ɗauki biro ya sake bugawa da kansa, ya yi shiru. Yanzu tambayata, wake da ganda su ne ke shanye mini gas. In bar gas ga girkin yau da kullum, in riƙa yin waɗannan a gawayi a baranda?

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
In na leda za ki saya, ba riba. Waken awa biyu a matsakaiciyar wuta bai wuce gas giram ɗari uku ba, ƙasa da naira ɗari huɗu. Ledarki ɗari biyar ce. Ni tukunyar matsi zan ce ki saya da kuɗin hotfilet ɗin, mai fito ɗin nan. Waken da aka jiƙa tun dare minti ashirin zuwa talatin ya ishe shi a ciki. Kuma da abu ya tafasa ki rage wuta, ruwa ba ya ƙara zafi don an ƙure masa murhu, ƙonewa kawai yake yi.

Hajiya Larai mai abinci (Mile 12):
Waken tukunyar matsi ba ya kama ɗanɗano, Malam. Kai waya ka sani, ba wake ba. Maman Hanifa, ku haɗu da maƙwabta ku uku a gidan ku sayi buhu ku raba, shi ne magana.

Bashir mai gas (Oko-Oba):
In ta ajiye kurfoti a baranda, ina tukunyar gas ɗin take? Ta ce kicin ɗin a jikin barandar yake. Maman Hanifa, taku nawa ne tsakani?

Maman Hanifa (Agege):
Ba zai fi taku biyu ba. Ƙofar kicin ɗin ma ba ta rufuwa sosai.

Bashir mai gas (Oko-Oba):
To ni ban yarda da garwashi a nan ba. Gas a ƙasa yake bi, kurfoti a ƙasa yake zaune. In dole sai kin hura, ki sauka tsakar gida.

Aminu Obalende:
Malam Sabo na taɓa filogin. Da zafi kam, har gefe ɗaya ya ɗan narke. Amma ka ja mini, akwai ɗan gidanmu a zauren nan, yanzu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa wai daga wannan watan kaso biyu zan riƙa biya.

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
Ka yar da jonar yau, filogin ma a canza shi. Batun kaso kuma akwai 'yar ƙaramar mita da ake sa wa ɗaki ɗaya, tana ƙirga abin da ka sha kai kaɗai, sai ka biya daidai shi. Awa nawa kake girki a rana?

Aminu Obalende:
Kamar awa ɗaya da rabi. Har da ruwan wanka.

Malam Sabo mai waya (Idi-Araba):
Yunit biyu a rana, sittin a wata. Ka tambayi mai karɓar kuɗin gidanku yunit nawa kuke saye gaba ɗaya kafin ka yi musu da shi, don ina jin kaso biyun ma sauƙi ya yi maka.